Na rage alayyadi na sa man gyaɗa da man kaɗe, sabuluna ya koma cin hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Daga Jega nake. Shekara ɗaya ke nan ina haɗa sabulun wanki kamar yadda aka koya mana: a jiƙa soda ta kwana, haidiromita, wato ma'aunin ƙarfin ruwan soda, ya nuna 1275, sai a zuba awo biyu na mai a kan awo ɗaya na ruwan soda. Da alayyadi zalla nake yi, lita 4 a kan ruwan soda lita 2, kuma lafiya lau. Da ya yi tsada sai na sa alayyadi lita 2, man gyaɗa lita 1, man kaɗe lita 1. Ban canja komai a soda ba, amma sabulun yana marmashewa wajen yanka, ya yi farin gari a sama, masu saye sun ce yana cin hannu. Sodar ce ba ta da kyau? Kuma ya zan yi da wanda ya rage?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sodarki lafiyarta ƙalau, haidiromitanki ma bai yi miki ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne kin canja mai, kin bar sodar da aka auna wa wani man daban. Kowane mai da cikinsa: akwai mai cin soda da yawa, akwai wanda kaɗan ke ƙosar da shi, kuma duk sodar da mai bai cinye ba tana nan zaune a cikin sabulun tana jiran hannun mai wanki.

Bari mu bi kwabinki da lissafi, ki gani da idonki. Ruwan sodar da haidiromita ya nuna 1275, ma'anarsa lita ɗaya tana da nauyin giram 1,275, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nauyin soda ce tsantsa, wajen giram 320 ke nan. Lita biyun da kike zubawa kuwa suna ɗauke da soda kusan giram 640. Shi kuma mai ya fi ruwa rashin nauyi, lita ɗaya ba ta cika kilo ba, tana tsayawa wajen giram 915. Alayyadi lita 4 zai ba ki giram 3,660, kuma kowane kilo ɗaya na alayyadi yana cin soda wajen giram 176. Idan kin buga, za ki ga yana neman giram 644. Kin gani ko? 640 da 644, kamar an gwada. Wannan awo na biyu a kan ɗaya da ake koya wa mata a wuraren horaswa, a jikin alayyadi aka ɗinka shi. Abin da yake damuna shi ne da yawa daga masu koyarwar ba su faɗi haka, sai su ce "awo biyu na mai" kawai, kamar duk mai ɗaya ne.

To ga abin da kika zuba a wannan karon. Alayyadi lita 2 ya ci giram 322. Man gyaɗa kilo ɗaya giram 136 kawai yake ci, litarki ɗaya ta ci wajen 124. Man kaɗe ya fi shi ƙarancin ci, giram 128 a kilo, litarsa ta ci wajen 117. Ki tara su, giram 563 ke nan, alhali kin ba su 640. Soda wajen giram 75 ta rage ba ta sami man da za ta kama ba. Ki ɗebo giram 75 na soda a ƙaramin kwano ki dube shi, sannan ki tuna cewa wannan ce aka rarraba a cikin sandunan da mata ke cuɗa kaya da su. Ita ce ta sa sabulun ya yi tauri mai gautsi yana fashewa a bakin wuƙa, ita ce kuma ke cin fata.

Farin garin nan na sama kuwa, kada ki yanke hukunci da shi shi kaɗai. Ko sabulu mai kyau yakan yi shi idan iska ta bugi fuskarsa tun yana ɗanye, musamman da hunturu, domin sodar da ba ta gama aiki ba tana haɗuwa da iska ta zama wannan garin. Irin wannan a sama kawai yake, kina gogewa da jiƙaƙƙen tsumma ya tafi. Na sabulun da soda ta yi wa yawa kuwa, idan kin raba sandar biyu za ki tarar da cikin ma ya bushe fari kamar alli, wani lokaci da 'yan ƙananan ramuka masu ɗigon ruwa. Wannan ruwan kada ki taɓa shi da hannu, ruwan soda ne. Idan kina son tabbaci, ki nemi takardar gwajin pH, wadda launinta ke nuna lambar ƙarfin soda, a wajen masu sayar da kayan haɗi, ki jiƙa sabulun ya yi kumfa ki ɗora ta a kai. Sabulun da ya nuna yana ba da 9 zuwa 10. Idan ta haura 11 zuwa 12, bai kamata ya fita daga gidanki ba.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan matsalar, shi ya sa nake jan maganar. A shekarata ta biyu da fara sana'ar nan a Birnin Kebbi, na sami man gyaɗa da sauƙi a wajen masu ƙuliƙuli na unguwarmu, na yi irin abin da kika yi. Akwai wata baiwar Allah mai wankau da ke ɗaukar sanda goma duk mako. Ran nan ta shigo, ko zama ba ta yi ba, ta buɗe mini tafin hannunta. Tsakanin yatsun ya yi ja ya tsattsage, fatar kan yatsun ta yi sulɓi tana ɗayewa. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, kwana uku ke nan ko tuwo da cokali nake ci." Har yau idan na ɗauki sikeli ina tuna hannun nan. Don haka abu na farko, tun kafin gyaran sabulu: ki bi waɗanda kika sayar wa, ki karɓo abin da ya rage a hannunsu, ki maye musu da mai kyau ko ki mayar musu da kuɗinsu. A gari irin Jega inda kowa ya san kowa, labarin sabulu mai cin hannu yana riga ki shiga gidaje, amma labarin wadda ta dawo da kanta ta karɓi kayanta shi ma yana zagawa.

Wanda ya rage ba asara ba ne, yana gyaruwa, tunda mun san abin da ya yi yawa da kuma yawansa. Soda giram 75 tana neman alayyadi wajen giram 430 kafin ta ƙoshi. Ki sa rabin kilo cif, domin a sami ɗan rara a ɓangaren mai. Wannan na kwabin gaba ɗaya ne. Idan rabi ya rage miki, sai ki sa giram 250. Ki sa safar hannu ta roba, ki goge sabulun a magogi ya zama kamar garin rogo, ki yayyafa masa ruwa kamar kofi biyu ko uku, ki rufe ya kwana. Washegari ki zuba shi a tukunyar ƙarfe ko ta tasa mai fenti wadda ba ta ɓare ba, ki ɗora a kan garwashi mai sanyi, ki zuba man, ki riƙa juyawa da muciya. Kada ki ba shi wuta mai ƙarfi, zai kama ƙasa ya ƙone. Zai fara kamar danƙo mai gudaji, a hankali ya haɗe ya yi sheƙi kamar tuwon da ya sha tuƙi. Ki ba shi kamar awa ɗaya a haka, domin sabon man yana bukatar lokaci ya sadu da sodar da ta ɓuya. Sai ki danna shi a mazubi, ki buga mazubin a ƙasa iska ta fita. Ba zai yi santsin na farko ba, fuskarsa za ta yi kurji-kurji, don haka ki sayar da shi a matsayin na wanki da ɗan rangwame, bayan ya yi mako biyu kin sake gwada shi da takarda.

Na ce tukunyar ƙarfe da gangan. Tukwanen alminiyam ɗin nan na ƙira da muke dafa abinci da su, soda tana cin su. Za ki ga ruwan yana tafasa ba wuta, yana baƙi, yana fitar da iska mai kama wuta, tukunyar kuma ta lalace. Haka ludayi da kwanon alminiyam. Wajen haɗi na yau da kullum, bokitin roba mai kauri da muciyar da kika ware wa sabulu kaɗai sun ishe ki.

Yanzu ga abin da zai raba ki da wannan matsala gaba ɗaya: ki sayi ƙaramin sikeli mai batir, irin wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo biyar, ki daina auna mai da lita ko gwangwani. Ki rubuta lambobin nan a bangon littafinki, sodar da kilo ɗaya na kowane mai ke ci: alayyadi 176, manja 142, kitsen shanu 141, man gyaɗa 136, man kaɗe 128. Daga ranar da kika riƙe su, kasuwa ba ta isa ta tsayar miki da sana'a ba. Duk man da ya yi sauƙi, sai ki zauna da biro ki fitar da sodarsa.

Tunda tsadar alayyadi ce ta kore ki, ni shawarata ki duba kitsen shanu kafin man gyaɗa. Man gyaɗa abinci ne, yana gasa da tukunyar miya a farashi, kuma sabulunsa laushi gare shi, yana saurin narkewa a ruwa, idan ya yi yawa kuma bayan 'yan watanni sai ki ga ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa a jiki da warin tsohon mai. Man kaɗe, wanda muke samu daga wajen Zuru da Yauri, yana da daɗi a fata amma ba ya kumfa sosai. Asara ce a zuba shi a sabulun wanki, gara ki adana shi don man shafawa ko ki sa kaɗan a na wanka. Kitse kuwa yana ba da sanda mai tauri, fara, mai daɗewa a hannu, kuma a nan ƙasarmu ta dabbobi mahauta ba su rasa shi. Aikinsa ɗaya ne, sai kin tsarkake shi. Ki karɓo shi da safe tun yana sabo, ki yayyanka ƙanana, ki zuba ruwa ya sha kansa da ɗan gishiri, ki dafa a wuta kaɗan har ya narke, ki tace da tsumma. Ki bar shi ya kwana, da asuba za ki tarar ya daskare a sama kamar faifai. Ki ɗaga shi, ki kankare dattin da ke ƙasansa. Idan har yanzu yana ƙarni, ki maimaita sau ɗaya. Kitsen da aka yi wa haka sau biyu ba ya barin wari a sabulu. Amma kada ki fitar da alayyadi kwata-kwata, domin shi ne mai kumfa, kuma shi ke sa sabulu ya yi aiki ko a ruwan rijiya mai nauyi da ke kashe kumfa. Kashi ɗaya cikin uku na man ya isa.

Ga kwabi ɗaya da za ki fara gwadawa, na mai kilo uku. Alayyadi kilo 1, yana cin soda giram 176. Kitse kilo 1 da rabi, yana cin 212. Man gyaɗa rabin kilo, yana cin 68. Jimla giram 456. Amma ba 456 za ki auna ba. Kullum a rage wajen kashi biyar cikin ɗari, sai ki auna giram 430. Dalilin ragin shi ne lambobin nan matsakaici ne, man wannan gonar ba daidai yake da na waccan ba, kuma wani lokaci alayyadin kasuwa yakan zo a gauraye da wani mai da bai kai shi cin soda ba. Idan kuskure ya zo, gara ya faɗa a ɓangaren mai, ɗan rarar mai ba ya cutar da kowa. Ruwa kuma ninki biyu na soda, giram 860, shi ma a kan sikeli. Ruwan sama da aka tara cikin tsabta ya fi na rijiya.

Ki zuba ruwan a bokiti tukuna, sannan ki riƙa barbaɗa sodar a kansa kina juyawa. Kada ki taɓa juya wannan tsarin ki zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsamo miki a fuska. Ki yi a tsakar gida inda iska ke wucewa, ki kau da hancinki, domin zai yi zafi sosai ya tashi da tururi mai shaƙewa. Ki bar shi ya huce har bayan bokitin ya zama ɗumi-ɗumi a hannu. Da sikeli ba sai ya kwana ba. Ana cewa a bar shi ya kwana ne domin ya narke sarai ya huce, saboda haidiromita yana nuna ƙasa da gaskiya a ruwa mai zafi, mai haɗi ta ga bai kai 1275 ba ta ƙara soda. Idan kin fi sabawa da haidiromitan, ba laifi, ki riƙe cewa lita ɗaya a 1275 tana da soda giram 320, don haka wannan kwabin lita ɗaya da sulusi yake nema. Ni dai na fi son sikeli, kuma dalilina ya wuce na lissafi.

Ruwan sodar da ya huce ba ya da launi, ba ya da wari, ba ka bambanta shi da ruwan sha. Bokitin da ya kwana a tsakar gida ko aka juye a gorar ruwa, shi ne yaro ke tashi da ƙishi ya kurɓa, kuma kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro ta yadda wani yaron yakan yi shekaru bai haɗiyi tuwo ba. Don Allah ƙanwata, ki narka iya wadda za ki yi aiki da ita a ranar, kina tsaye a kanta har ta shiga cikin mai. Busasshiyar kuma ki kulle ta a robar da ke rufuwa gam, a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tsami, a wuce asibiti nan take. Idan a fata ko ido ta zuba, ruwa mai yawa za a yi ta kwararawa, minti ashirin ba tsayawa, na ido kuma a kai shi asibiti ko da ya ce ya daina jin zafi.

Rufe sodar gam yana da wani amfanin. Soda tana shan laimar iska, da damina idan kin bar bakin leda a buɗe za ki dawo ki tarar ta yi jiƙe-jiƙe ta dunƙule. Irin wannan idan kin auna giram 430, wani ɓangare ruwa kika auna, wani kuma ya riga ya mutu. Sakamakon kishiyar naki ne: sabulu ya ƙi tauri, ya yi ta naso, idan kin ɗora shi a takarda ya bar tabon mai. Wajen saye ki duba ta bushe, fara, tana wartsakewa a cikin ledar.

Ki narka kitsen da alayyadi tare, ki zuba man gyaɗa, ki bari su sauko su yi ɗumi kamar na ruwan sodar, amma duk a narke sarai, kina ganin ƙasan bokitin. Sai ki zuba ruwan sodar siriri kina juyawa ba tsayawa. Alamar ya haɗu ita ce ya yi kauri kamar kunu, idan kin ɗaga muciya kin ɗiga a kai, sawun ya tsaya ɗan lokaci kafin ya nutse. A nan yanayinmu yana shiga maganar. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwabi yana kamawa da sauri, wani turaren ma kina zuba shi zai daskarar miki da shi a bokiti. Ki yi aikin da sassafe, mazubi yana shirye a gefenki, kuma kada ki lulluɓe shi da bargo, zai yi zafi ya tsage a tsakiya. Da hunturu kuma yaudara ce: kitse da alayyadi suna daskarewa don sanyi, sai ki ga kauri cikin minti biyu ki ɗauka ya haɗu, alhali man ne kawai ya yi barci. Idan kin zuba a haka, gobe za ki tarar da mai a wani gefe, ruwan soda a wani. Kaurin gaskiya santsi gare shi kuma bokitin yana ƙara ɗumi. Na ƙarya yana da tsaki-tsaki, bokitin kuma yana sanyi. Idan kin ga haka ki tsoma gindin bokitin a ruwan zafi ki ci gaba da juyawa. A hunturun ne za ki shimfiɗa leda a fuskar sabulun ki lulluɓe, ita ce maganin farin garin nan.

Bayan kwana ɗaya ki fitar ki yanka. Kwabin nan gaba ɗaya kilo 4 ne da giram 290, amma ba shi za ki sayar ba, domin ruwa zai fita yayin bushewa, wajen kashi ɗaya cikin goma. Idan kina son sanda mai giram 100, ki yanka a 110, za ki sami 39. A kan wannan 39 ɗin za ki raba kuɗin mai da soda da turare da leda da gawayi da kuɗin mota zuwa kasuwa, har da ladan hannunki, kafin ki sa farashi. Ki jera su a inuwa a kan katako, da tazara tsakaninsu, kina juya su lokaci-lokaci, mako huɗu. Na san jari ƙarami ba ya son jiran wata guda, kuma shi ya sa da yawa ke fitar da sabulu yana kwana uku, mai saye ta ga ya narke a wanki biyu. Dabarar ita ce ki raba jarin, ki riƙa yin ƙaramin kwabi duk mako. Watan farko ne kawai mai wuya, daga nan duk mako akwai wanda ya nuna. Ranar da kika fara naɗe shi da suna kina kai wa shaguna, to maganar rajistar NAFDAC ta taso, ki nemi ofishinsu tun kafin ki buga leda.

Kowane kwabi ki rubuta ranarsa, nauyin kowane mai, nauyin soda da ruwa, da wajen wanda kika sayi man, ki kuma ajiye sanda ɗaya daga ciki kada ki sayar. Kafin ki fitar da sauran, ki ɗauki wannan sandar ki wanke kayan gidanki da ita da hannunki, wanki cikakke, ki duba tsakanin yatsunki washegari.